Laifin wane taku ne? Yadda manhaja ke koyon wasa da lada da hukunci

Manhajar da ake koya wa wasa ta hanyar lada da hukunci ba a nuna mata yadda gwanaye suke yi, ba a kuma gaya mata wane taku ne mai kyau. Dokar wasa kawai ake ba ta, wato inda aka yarda ta taka da inda aka hana, sannan a tanadar mata lamba guda: idan ta ci a ba ta lada, idan aka ci ta a yi mata hukunci. Sauran aikin nata ne. Tana wasa tana faɗuwa, tana gyara, har ta iya.

Wahalar tana wuri ɗaya. Lada ba ya zuwa sai a ƙarshen wasa, kuma idan ya zo ba ya yin bayani. Manhaja ta yi taku arba'in, aka cinye ta, aka ce mata ga hukunci. To wane ne mai laifi cikin arba'in ɗin? Na ƙarshe, ko wanda ta yi tun da farko ya jefa ta a hanyar da ba ta ɓullewa? Watakila ma talatin da tara lafiya lau suke, guda ɗaya ne ya ɓata komai. Masanin kwamfuta Marvin Minsky ya fito da wannan matsala sarai a wani rubutu da ya yi a 1961, kuma yawancin dabarun fannin nan, idan aka tone su, ƙoƙari ne na raba yabo da laifi tsakanin takun da suka wuce. Wanda ya gane yadda ake wannan rabo ya gane fannin, ya kuma gane dalilin da ya sa yake yawan ba masu shi kunya.

Na'urar kwalayen ashana

Hanya mafi sauƙi ta ganin abin da ido ita ce na'urar da ba kwamfuta a cikinta ko kaɗan. A farkon shekarun 1960, Donald Michie, masanin Biritaniya da ya yi aikin warware saƙonnin sirri tare da Alan Turing lokacin yaƙin duniya na biyu, ya haɗa kwalayen ashana kusan 300 ya sa musu suna MENACE. Aikinsu buga wasan X da O, wanda ake yi a allo mai gida 9, duk wanda ya fara jera alamarsa uku a layi ɗaya ya ci. Bari mu ba gidajen lamba don mu riƙa fahimtar juna:

```
1 2 3
4 5 6
7 8 9
```

Kowane kwali yana wakiltar yanayi ɗaya da allo zai iya kasancewa lokacin da taku ya zo kan na'urar. A ciki akwai 'yan duwatsun ado masu launi, kowane launi yana nufin gida ɗaya. Idan lokacin taku ya yi, sai a nemo kwalin da ya dace da allon, a girgiza, a zaro dutse guda ba tare da zaɓe ba, a taka gidan da launinsa ya nuna. Ana ajiye dutsen a gefen kwalinsa har wasa ya ƙare. Idan na'urar ta ci, a mayar da kowane dutse kwalinsa tare da ƙarin uku masu launinsa. Idan canjaras aka yi, ƙarin ɗaya. Idan aka ci ta, duwatsun da aka zaro ba sa komawa. Shi ke nan. Launin da ke kawo nasara yana yawaita a kwali, wanda ke kawo shan kashi yana ƙarewa.

Ga wasa ɗaya. Na'ura ce X, ta fara da gida na 5, tsakiyar allo. Abokin karawa ya sa O a gida na 1. Na'ura ta taka 9, shi kuma ya taka 3. Yanzu yana da 1 da 3, saura 2 ya cika layi, don haka babu abin da zai fisshe ta sai ta toshe gida na 2. Amma dutsen da aka zaro ya ce 4. A ido takun bai yi muni ba, domin ya ba ta 4 da 5, tana jiran 6. Sai dai ba ita ce da taku ba: abokin karawa ya cika 2, wasa ya ƙare.

Duk mai kallo ya san takun ƙarshe ne ya jawo. Fara wa daga tsakiya ba laifi ba ne, taka 9 ma ba laifi ba ne. Amma na'urar ba ta da yadda za ta san haka, sai ta hukunta dukkan ukun, kowane kwali ya rasa dutse guda. Michie ya rage wannan zalunci da wata dabara mai kyau: bai zuba duwatsu daidai wa daida ba. A kwalin takun farko ya sa huɗu ga kowane launi, a na biyu uku, a na uku biyu, a na huɗu ɗaya. A kwalin da aka yi kuskuren nan akwai gidaje biyar da ba kowa, wato 2, 4, 6, 7 da 8, kowanne da dutse biyu, jimla 10. Cire ɗaya ya raba ƙarfin gida na 4 biyu. Shi kuwa kwalin farko, cire ɗaya cikin huɗu bai yi wa gidan tsakiya illa sosai ba. Wato tun daga zubin duwatsu an riga an ɗauka cewa takun da ya fi kusa da faɗuwa ya fi zama abin zargi.

Wannan zato ne kawai, kuma yana da tsada. A kwalin nan mai duwatsu 10, takwas duk na halaka ne muddin abokin karawa idonsa biyu. Kafin su ƙare sai an sha kashi sau takwas ta wannan hanya, kuma kowane shan kashi yana cin dutse daga kwalin farko da na biyu waɗanda ba su ji ba su gani ba. Shi ya sa idan aka haɗa irin wannan na'ura da gwani tun ranar farko, kwalin farko yana iya ƙarewa ƙarƙaf, a girgiza a ji wayam. Na'urar ta daina wasa ke nan, ba don ta gane wasan ba ya ciwuwa ba, sai don hukunci ya sauka a inda bai kamata ba.

Kowane taku a auna shi da na gabansa

Gyaran da ya sauya fannin shi ne a daina jiran ƙarshen wasa kafin a yanke wa kowa hukunci. Arthur Samuel ya fara taɓa wannan tunani a manhajarsa ta wasan cekas a kamfanin IBM cikin shekarun 1950, Richard Sutton kuma ya tsara shi sosai a 1988. Maimakon duwatsu, manhaja tana ajiye lamba ɗaya ga kowane yanayin allo, lambar da ke nuna yadda take hasashen wasa zai ƙare daga nan. Mu kira ta daraja. A ce nasara 1 ce, shan kashi 0, canjaras 0.5. Tun da manhaja ba ta san komai ba da farko, kowane yanayi a ba shi 0.5. Idan za ta taka, sai ta duba yanayin da kowane taku zai kai ta, ta zaɓi mafi daraja. Bayan abokin karawa ya mayar da martani ta sake takawa, sai ta waiwaya ta gyara darajar inda ta baro, ta ɗan ja ta zuwa darajar inda take yanzu:

```
V(s) = V(s) + a * (V(s') - V(s))
```

A nan V(s) ita ce darajar yanayin da aka baro, V(s') darajar wanda aka iso, a kuma girman gyaran ne. Mu ɗauka 0.2 ce, wato kowane gyara yana rufe kashi ɗaya cikin biyar na tazarar da ke tsakani.

Mu sake buga wasan ɗazu da wannan ƙa'ida. Yanayin da ya biyo bayan taka 5 yana da 0.5, na bayan taka 9 ma 0.5, babu bambanci, babu gyara. Na bayan taka 4 shi ma 0.5, don haka darajar taka 9 ba ta motsa ba. Sai faɗuwa ta zo da 0, darajar taka 4 ta sauka daga 0.5 zuwa 0.4. Shi kaɗai aka taɓa. Idan allo ya sake dawowa haka, manhaja za ta ga 4 ya faɗi ƙasa da sauran, ta gwada 6 ko 7 ko 8, kowanne ya sha irin wannan raguwa, har ya rage gida na 2 kaɗai ke riƙe da 0.5. Ta toshe shi, wasa ya tafi canjaras. Taka 9 bai taɓa ɗaukar laifin da ba nasa ba, domin a gabansa akwai mafita, kuma manhajar ta same ta.

To idan takun farko ne da gaske ya gina nasarar fa, yaya yabo zai koma gare shi? A nan ne abin ya fi ban sha'awa. Manhaja ta taka 5, abokin karawa ya yi kuskure ya taka 2. Ta taka 1, tana jiran 9, dole ya toshe 9. Sai ta taka 7. Yanzu tana jiran gida biyu lokaci ɗaya, 4 don cika 1, 4, 7, da 3 don cika 7, 5, 3. Ɗaya kawai zai iya toshewa. Ta ci.

A karo na farko, yanayin bayan taka 7 ne kaɗai ya samu ƙari, daga 0.5 zuwa 0.6. A karo na biyu da wasa ya bi wannan hanya, yanayin bayan taka 1 ya tarar na gabansa ya ɗara shi da 0.1, sai ya tashi zuwa 0.52, shi kuma na bayan 7 ya kai 0.68. A karo na uku labari ya iso takun farko: darajar fara wa da 5 ta motsa zuwa 0.504, ta bayan 1 ta kai 0.552, ta bayan 7 ta kai 0.744. Ladan da aka biya a ƙarshe yana ja da baya taku ɗaya a kowane wasa, kamar ruwa yana jiƙa tsumma daga baki zuwa ciki. Babu wanda ya gaya wa manhajar cewa akwai dabarar jiran gida biyu. Ba ta ma san dabara ce ba. Abin da ta sani shi ne wasu yanayi suna da lamba babba, kuma hanyar da ke kaiwa gare su ita ma lambarta tana girma.

Lambobin nan suna tona asirin wani abu da ake yawan mantawa: koyon yana da nawa ƙwarai. A wasa mai taku huɗu kacal, sai a zagaye na uku takun farko ya ji ɗuriyar lada, shi ma da 0.004. Ana iya ƙara girman gyaran don a yi sauri, amma idan ya yi yawa, wasa ɗaya da aka ci da sa'a zai goge darasin wasanni da yawa, darajoji su yi ta tsalle ba su zauna ba. Galibi ana farawa da gyara mai ɗan girma, a riƙa rage shi sannu a hankali.

Akwai kuma tarkon da manhaja ke faɗawa idan kullum mafi daraja take zaɓa. A ce ta gwada taka 1 tun ba ta iya abin da ke biyo baya ba, ta yi ta ɓata wasan a gaba, darajarsa ta sauka ƙasa da ta wani taku da ke kawo canjaras. Daga ranar ba za ta sake waiwayarsa ba, tun da a littafin darajojinta ba shi da kyau, kuma littafin ba zai gyaru ba tun da ba ta komawa. Maganin da aka fi amfani da shi ba shi da wani ado: lokaci zuwa lokaci, misali sau ɗaya cikin goma, ta yi watsi da littafin ta taka duk inda ƙuri'a ta faɗa. Za ta yi asarar wasannin da da ta ci, wannan shi ne kuɗin neman sani. Sai dai a kula, idan takun ƙuri'a ya jawo faɗuwa, bai kamata a ja darajar takun da ya gabace shi ƙasa ba, in ba haka ba mun koma zaluncin kwalayen ashana. Hanyar da Chris Watkins ya fito da ita a 1989, wadda ake rubutawa Q-learning, ta magance wannan ta hanyar auna kowane taku da mafi kyawun abin da za a iya yi a gabansa, ba abin da aka yi a zahiri ba.

Idan allo ya fi ƙarfin littafi

Wasan X da O yana da yanayi 5,478 da doka ta yarda da su, idan aka haɗe waɗanda juyin juna ne su koma 765. Littafi zai ɗauke su. Wasan Go kuwa, wani wasan allo da ake yi da duwatsu baƙaƙe da farare, yawan yanayinsa lamba ce mai sifili kusan 170, babu ma'ajiyar da za ta riƙe, kuma ko da akwai, manhaja ba za ta ga yawancin yanayin sau biyu ba balle ta gyara darajarsu. Dole a maye gurbin littafin da abin da zai kalli allon da bai taɓa gani ba ya ƙiyasta darajarsa daga kamanninsa da waɗanda ya sani. Abin da ake amfani da shi ke nan da ragar jijiyoyi ta kwaikwayo, wato tsarin lissafi mai tarin lambobi da ake iya murzawa. Ƙa'idar gyara ba ta canza ba, sai dai maimakon a gyara layi ɗaya a littafi, ana murza lambobin ragar kaɗan don ƙiyasinta ya matsa kusa da darajar yanayin gaba.

Gerald Tesauro na IBM ya nuna hakan na aiki a farkon shekarun 1990 da manhajar TD-Gammon, wadda ta koyi wasan bakgamon ta hanyar karawa da kanta, wasu nau'o'inta sama da wasa miliyan ɗaya, har ta kai kusa da manyan gwanayen duniya. Gwanayen ma sun sauya yadda suke buɗe wasa a wasu yanayi bayan sun ga abin da take yi. A 2015 kamfanin DeepMind ya wallafa sakamakon manhajar da ta koyi wasannin bidiyo 49 na na'urar Atari, ba ta ganin komai sai hoton allo da maki. An rage hoton zuwa ɗigo 84 a tsaye da 84 a kwance, ana haɗa mata hotuna huɗu a jere don ta gane inda abu ya nufa, tun da hoto ɗaya ba ya nuna ko ƙwallo sama take yi ko ƙasa. Da farko duk takunta na ƙuri'a ne, aka riƙa ragewa har ya koma ɗaya cikin goma. A wasan Breakout, inda ake doke ƙwallo ta fasa bulo, ta gano da kanta cewa idan ta huda rami a gefen katangar, ƙwallo za ta shige bayanta ta yi ta fasa bulo daga sama ba tare da haɗarin faɗowa ba. Wannan ramin ɗan'uwan jiran gida biyu ne: yanayin da babu lada a cikinsa nan take, amma darajarsa ta kumbura saboda abin da ke biyo baya.

A irin waɗannan dogayen wasanni ana ƙara wani abu, wato rage nauyin ladan da ke nesa. A aikin Atari an ninka darajar gaba da 0.99 a kowane taku, don haka ladan da ke taku 100 a gaba nauyinsa ya koma kusan 0.37. Wannan lamba ita ke yanke nisan hangen manhaja. Idan aka rage ta sosai, za ta zama mai kwaɗayin abin da ke gabanta, ba za ta taɓa haƙurin huda rami ba.

Raga tana zuwa da nata ciwon. Gyara ɗaya yana taɓa ƙiyasin dubban yanayi masu kama da juna, kuma abin da ake auna ƙiyasin da shi, wato darajar gaba, ita ma ragar ce ta ƙiyasta. Mai awo da abin awo duk suna motsi, sai darajoji su iya hauhawa ba dalili. Masu aikin Atari sun rage wannan da hanya biyu: suna tara takun baya har miliyan ɗaya a ma'ajiya suna zaro su a gauraye don koyo, kuma suna daskarar da wani kwafin ragar na ɗan lokaci ya zama shi ne ma'auni.

Lambar da aka rubuta, ba abin da aka nufa ba

Duk wannan injin rabon yabo yana yi wa lamba ɗaya hidima, kuma ba ruwansa da niyyar wanda ya rubuta ta. A 2016 masu bincike a OpenAI sun ba da labarin manhajar da suka sa a wasan tseren jirgin ruwa mai suna CoastRunners. Abin da mutum ya fahimta shi ne a gama tsere. Amma wasan yana ba da maki ne idan aka buge wasu alamomi a hanya, kuma makin aka mayar lada. Manhajar ta samu wani lungu inda alamomi uku suke sake fitowa bayan an buge su, ta zauna nan tana zagaye, jirgi yana cin karo da wasu jirage, yana kama wuta, ba ta taɓa gama tseren ba. Makinta ya ɗara na mutane da kusan kashi 20 cikin 100. A nawa ganin, kuskure ne a ce ta yi wayo ko ta yi ha'inci. Ta yi daidai abin da aka biya ta ta yi.

Me ya sa to ba za a tsaya a kan lada na gaskiya ba, wato nasara kawai? Saboda can ma akwai rami. A cikin wasannin Atari 49 ɗin akwai Montezuma's Revenge, inda sai ɗan wasa ya sauka tsani, ya tsallake abin da zai kashe shi, ya hau wani tsanin, kafin ya ɗauki makulli ya samu makin farko. Manhajar da ta yi fice a Breakout sifili ta ci a nan. Dalilin yana cikin lissafin da muka yi a baya: daraja tana ja da baya ne daga wurin da aka taɓa samun lada. Idan takun ƙuri'a bai taɓa kai ta ga makullin ba, kowane yanayi darajarsa ɗaya da ta maƙwabcinsa, bambanci sifili, gyara sifili. Tana iya yin wasa miliyoyi ba ta koyi komai ba. Mai tsara lada yana tsakanin waɗannan biyu ne. Idan ya bar lada a ƙarshe kawai, manhaja ba za ta gano hanya ba. Idan ya yayyafa ƙananan lada a hanya don ya ja ta, tana iya tarewa a kan ƙananan ta manta da inda aka aike ta. Ko a wasan X da O haka ne: idan aka ba ta ɗan lada duk lokacin da ta jera alama biyu, sai takun nan na gida na 4 da ya jawo faɗuwa ya fara samun tukuici.

Abokin karawa ma wani ɓangare ne na darasin. A lissafinmu, darajar fara wa da 5 ta tashi ne saboda abokin karawa ya amsa da 2. Idan kullum da irinsa take wasa, darajar za ta yi ta hawa har kusa da 1, manhaja ta ɗauka fara wa daga tsakiya nasara ce tabbatacciya. Ranar da ta gamu da wanda ke amsawa da kusurwa, za ta shiga yanayin da ba ta taɓa gyara darajarsu ba, ta koma tamkar sabuwar shiga. Darajar da ta koya ba ta wasan ba ce, ta wasan da wannan mutum ce. Abin da ya sa ake sa manhaja ta kara da kanta ke nan, don abokin karawa ya riƙa ƙarfi daidai da ƙarfinta. Shi ma yana da aibi, domin tana iya ƙwarewa wajen doke halinta na yau ta manta yadda ake doke na jiya, shi ya sa wasu ke ajiye tsofaffin kwafinta suna haɗa ta da su.

Hanyar gane ko koyo na gaskiya ake yi ba ta da wuya, sai dai ana yawan ƙyuya a kanta. Jadawalin lada mai hawa sama ba hujja ba ce, jirgin da ke cin wuta ma jadawalinsa hawa yake yi. Ana buƙatar ma'auni na biyu da manhaja ba ta cin lada a kansa, kamar sau nawa aka gama tsere, kuma a zauna a kalli wasan da ido. A lokacin gwaji a kashe takun ƙuri'a da gyaran daraja, a haɗa ta da abokan karawa iri daban daban. A wasan X da O gwajin a fili yake, tun da an san gwani da gwani canjaras suke yi: manhajar da ta iya ba za ta taɓa faɗuwa a hannun gwani ba, kuma za ta cinye mai kuskure. Idan tana cin mai wasan ƙuri'a kusan kullum amma gwani yana cinye ta, raunin mutum ɗaya ta haddace. Sannan a maimaita koyon daga farko sau da yawa, domin ƙuri'ar da ta faɗo a wasannin farko tana iya sa koyo biyu masu tsari ɗaya su ƙare a wurare masu nisa da juna.

Wasa ya dace da wannan hanya ne saboda yana da abubuwa uku da ba kasafai ake samunsu tare ba: dokarsa a rufe take, nasara ba ta da gardama, kuma faɗuwa kyauta ce. Manhajar AlphaGo, wadda ta doke gwanin wasan Go Lee Sedol da ci 4 da 1 a birnin Seoul a watan Maris na 2016, ta fara ne da koyo daga wasannin mutane kafin ta shiga karawa da kanta. Wadda ta gaje ta a 2017, AlphaGo Zero, ba ta ga wasan mutum ko ɗaya ba, kuma ta doke ta farkon da ci 100 da nema bayan kwana uku na koyo. A cikin kwana ukun nan ta buga wasa kusan miliyan 4.9 da kanta, kuma a kusan kowanne ɓangare ɗaya nata ya sha kashi. Mutum-mutumin da ke koyon tafiya ko motar da ke koyon tuƙi ba za su iya faɗuwa sau miliyan a kan titi ba, don haka akan gina musu duniyar kwaikwayo a cikin kwamfuta su yi faɗuwarsu a can. Duk wani ɗan bambanci tsakanin duniyar kwaikwayon da ta gaske, kamar ƙasa da ba ta santsi ko karo da ba ya lalata komai, manhaja za ta gano shi ta dogara da shi, kuma sai an fito da ita waje ake ganin a kan me ta jingina.